Fuskar Isaka Maɗori a Kan Gwangwani

Isaka Maɗori taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa rama mini da doguwar magana ba. Sai ka yi masa zance goma kafin ya ba ka "to" guda. Ni kuwa Garba bakina ba ya hutawa. Ko a shekara tara da na yi ina soja a zamanin Faransa, surutu ne laifin da aka fi hora ni a kai.

A wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa muka tashi. Gidansu gidan ɗori ne tun kakan kakansa. In aka kawo mai karaya, Isaka zai zaunar da shi a tabarma, ya bi ƙashin da manyan yatsunsa idonsa a rufe, ya sa ƙarti biyu su riƙe, ya ja har ƙashi ya koma mazauninsa. Daga nan ya jera karan dawa da ya fere, ya ɗaure da ƙyallen saƙi, ya tofa addu'a, ya faɗi kwanakin da za a yi ba motsi. Ƙafata ta hagu, wadda amalanke ta danne a hanyar Tibiri, shi ya ɗora ta, kuma da ita nake yawon gulma har yau.

Gidan yana da doka guda. Ba a yanka wa ɗori farashi. Akwai wata tsohuwar ƙwarya a bakin zaure, an rufe ta da faifai. Wanda ya warke, in ya ga dama, ya ɗaga faifan ya jefa abin da ya sawwaƙa, ko goro ne ko ƙwai, Isaka ba ya ko dubawa. Sun gada daga kakanni cewa ranar da wani ɗan gidan ya sayar da baiwar, ranar za ta bar hannunsu. Da gero da waken gonarsa yake ci da iyalinsa. Mai lura da ƙwaryar nan kuwa ita ce Tata, ƙanwar ubansa, tsohuwar da ko mai gari ba ya son haɗa hanya da ita in ranta a ɓace yake.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, wani mai hoto da ake kira Tala ya zo kasuwarmu daga Maradi da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ni ina bukatar hoto don takardar fansho ta tsofaffin soja. Da aka gama nawa sai shaiɗan ya hau ni, na ce sai an ɗauki Isaka, don jikokinsa su ga irin munin da suka gada. Ya ƙi. Na yi ta yi masa ba'a a gaban mutane, na ce tsoron akwati yake ji, har ya gaji ya zauna a kan benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran hukunci. Na biya, aka ba mu hoton, na kai gida na jefa a akwatina. Ban san Tala ya riƙe uwar hoton ba, wadda ake sake buga wani daga gare ta. Laifina ke nan, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Bayan kakar gyaɗa, wata ranar kasuwa, na ga mutane sun yi cincirindo a jikin rumfar wani ɗan tireda. Na kutsa. Ga wata babbar takarda mai launi an manna, ga Isaka a jiki. An ƙara masa ƙiba, an sa masa hula ja wadda bai taɓa mallaka ba, an liƙa masa wani ɗan gwangwani a hannu yana miƙo wa jama'a. A ƙasa an rubuta da ajami da boko cewa wannan man shafawa ne mai ɗora ƙashi, wanda maɗoran ƙasa suka yarda da shi. Ba a sa sunansa ba. Amma a murfin kowane gwangwani ga fuskar nan tasa. Wani attajirin Maradi, Alhaji Chindo, shi ne mai kayan. Ya sayi hoton a wurin Tala, ya aika Kano wani mai zane ya kwafe shi da fenti, aka bugo masa dubbai.

Da farko dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na je na ce wa Isaka ya zama ɗan birni, ya ara mini jar hular. Ya ci gaba da fere karansa. Cikin 'yan makonni takardar ta kai Gidan Runji da Cadawa da Gazawa, duk inda motar gyaɗa take tsayawa. Sai magana ta fara yawo cewa Isaka ya sayar wa Alhaji sirrin gidansu, an zuba a gwangwani. Wasu suka ce to ai an huta, me za a je yi ƙauye tunda ga shi a tireda. Wasu suka ce baiwar ta riga ta tashi daga hannunsa. Ko ta wane gefe ka bi, zauren ya koma shiru, sai kaji.

Ranar da dariyata ta ƙare ita ce ranar da Jaye ta zo. Bafulatana ce daga rugar da ke arewa da mu, wadda ta daɗe tana kawo wa gidan nono. Bijimi ya make mijinta ya karya masa dantse. Da suka ga fuskar Isaka a gwangwani sai suka saya, suka yi ta shafawa fiye da wata guda. Sa'ad da ta kawo shi a kan jaki, ƙashin ya riga ya kama a karkace. Isaka ya bi shi da yatsa, ya daɗe, sa'an nan ya ce mata lokaci ya wuce, abin da zai iya kawai ya rage masa ciwo. Jaye ta kwance bakin zanenta, ta ajiye gwangwanin a gabansa.

Ta ce, "Ba mai munka saye ba, Isaka. Huskakka munka saye."

Tata tana bayan zana tana ji. Ta fito da sandarta, ba ta kalli kowa ba, ta ɗauki ƙwaryar nan ta kife a ƙasa. Ta ce ba za a sake taɓa ƙashin kowa a gidan nan ba sai duniya ta san ko an sayar ko ba a sayar ba. A iya sanina ba a taɓa kife ƙwaryar ba, ko a shekarun yunwa. Na dubi Isaka na ga hannunsa yana rawa, hannun da ban taɓa ganin ya yi rawa a kan karaya ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Mun fara da fadar hakimi, kamar yadda aka saba. Alhaji Chindo bai zo ba, ya aiko komi ɗinsa, wato mai riƙe masa takardu, da wata 'yar takarda mai sa hannun Tala. Komi ya ce maigidansa bai saci komai ba, saye ya yi, ga shaida. Dattawan fada suka juya maganar. Sun san hukuncin wanda ya saci akuya, sun san na wanda ya ci iyakar gona, amma ga mutum zaune da fuskarsa a jikinsa yana cewa an ɗauke ta. Suka ba mu haƙuri, muka taso.

Da na je Maradi karɓar fansho sai na biya ta kotu, wurin wani magatakarda, ɗan abokina ne da muka yi soja tare. Na zayyana masa. Ya ce mini dokar da ake aiki da ita a kotunsu tana da tushe guda a irin wannan: duk wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa, wajibi ne ya gyara. Ya ce takarda da uwar hoto na mai hoto ne, amma kamannin mutum nasa ne, ba mai yin talla da su sai da izininsa. Yarda a ɗauke ka daban, yarda a yi ciniki da kai daban, kuma wanda ya buga shi zai kawo shaidar an yarje masa. Ya ce abu biyu za mu tabbatar: cewa an baza takardun, da cewa duk wanda ya san Isaka zai gane shi ne a jiki.

Shawo kan Isaka ya fi komai wuya, don a gidansu ba a san shiga kotu ba. Ƙwaryar da yake wucewa a kife kullum safe ita ta kai shi, ba bakina ba. Da magatakarda ya tambaye shi diyyar nawa za a rubuta, sai ya miƙe zai fita. Ya ce in ya karɓi kuɗi a kan fuskarsa, ai maganar mutane ta tabbata ke nan, ya sayar. Magatakarda ya zaunar da shi, ya ce akwai hanyar masu neman a wanke su kawai: a nemi tamma guda, ɗan kuɗin da babu na ƙasa da shi, ba don ta sayi komai ba, don ta zama alamar cewa wancan ne mai laifi. Sai a haɗa da neman a cire takardun, a kuma sanar da jama'a hukuncin. Isaka ya ce, "To." Daga nan aka tura wani ma'aikacin kotu ya zaga kasuwanni uku, ya gani da idonsa, ya rubuta inda aka manna kowace takarda, ya taho da gwangwani biyu.

Da sammaci ya isa wurin Alhaji sai ga komi a ƙauyenmu cikin mota. Ya ce maigidansa yana son a kashe maganar a gida. Zai ba Isaka shanun huɗa biyu da garma da sabuwar amalanke, shi kuma ya dangwala yatsa a takarda cewa ya yarda. Ni dai gaskiya yawuna ya tsinke. Na ja shi gefe na ce masa ko a mafarki bai taɓa mallakar wutsiyar sa ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya koma ya ce wa komi ya gaida Alhaji, ya kuma sa aka ba shi ruwa ya sha kafin ya tafi.

Ranar shari'a muka yi sammako a amalanke. Alƙalin matashi ne, ba ɗan ƙasarmu ba, ta bakin tafinta yake jin Hausa. Alhaji Chindo ya zo da babbar riga mai aska takwas, Tala yana raɓe a bayansa. Suka fara da takardar ciniki. Alƙali ya duba, ya tambaya ina sa hannun Isaka a ciki. Babu. Tala ya ce ai da kansa ya zauna a benci. Alƙali ya tambaye shi ko ya gaya masa za a sa shi a gwangwani. Tala ya sunkuyar da kai.

Da wannan ƙofa ta rufe sai komi ya buɗe wata, kuma ita ce ta tsorata ni. Ya ce abin da ke jikin takardar ba hoto ba ne, zane ne na fenti. Ba suna a jiki. Ga ƙiba, ga jar hula, shi kuwa wannan mutum ramamme ne. Ya ce tsagar Gobir kuwa rabin mutanen da ke zaune a ɗakin nan suna da ita, saboda haka wannan Bagobiri ne kawai, kowa da kowa. Na ga alƙali yana duban takardar yana duban Isaka, yana ɗaga gira. Ga baƙo, tsaga duk tsaga ce.

A nan ne Buba Wanzami ya nemi magana. Tsoho ne da ya haura saba'in, mun taho da shi ne don ya shaida halin gidan kawai. Ya dogara sanda ya je gaban teburi, ya ce a matso masa da takardar. Ya gaya wa alƙali cewa shi ya yi wa Isaka tsaga ranar sunansa, kuma Isaka ne jariri na farko da uban Buban ya sakar masa aska a kai. Yana cikin ja a kuncin dama, a layi na uku, jaririn ya yi atishawa, aska ta goce ta haura ta taɓa layi na biyu. Ubansa ya mare shi a gaban mata. Tun daga ranar ake yi masa waƙa da abin, shekara arba'in da biyar, kuma ko sunan Isaka ba ya son a ambata a gabansa. Mu duk mun san labarin, amma ba wanda ya taɓa jin sa daga bakin Buba.

Ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Ga ta nan. Mai zanenku ya kwahe har da kuskurena. Duk ƙasag Gobir babu huska biyu da wagga gocewa, don ban sake ba."

Alƙali ya taso daga kujerarsa, ya sa Isaka ya juya kunci wajen taga, ya kara takardar kusa. Ya ɗauki gwangwani ya duba murfin. Sai na ga ya gyaɗa kai. Aka kira Jaye, ta faɗi dalilin da ya sa suka sayi man, mijinta ya ɗaga hannunsa kowa ya gani. Alƙali ya ce cutar da man ya yi wa hannun wata ƙara ce daban, in suna so su shigar, amma shaidarta ta nuna masa cewa mutane suna gane mai fuskar, kuma saboda shi suke saye. Alhaji ya yi ta share gumi da bakin rawani.

Bayan mako biyu muka koma jin hukunci. Tafinta ya karanto shi dalla dalla. Tala ya yi laifi da ya sayar da abin da ba a ba shi izinin sayarwa ba. Alhaji ya yi laifi da ya buga ba tare da ya nemi yardar mai fuska ba, kuma sayen hoto a hannun mai hoto bai wanke shi ba. Mayar da hoto zane da ƙin sa suna ba su canza komai ba, tunda ana gane mutumin. An ba su kwana goma sha biyar su cire kowace takarda, su kankare kowane murfi, su miƙa uwar hoton, in sun wuce haka kowace rana da tararta. Kuɗin shari'a a kansu. Za a yi shelar hukuncin a kasuwannin da aka manna takardun, su za su biya mai shela. Sa'an nan su biya Isaka tamma guda. A nan gaban kowa Alhaji Chindo, mai motoci uku, ya laluba aljihu bai sami tamma ba, sai da komi ya ranta masa.

A bakin kotu Isaka ya juya tammar a tafinsa, ya kama hannun Buba Wanzami ya danƙa masa. Ya ce, "Baba, ladan aikinka na. An daɗe ba a biya ka ba." Tsohon ya buɗe baki zai yi dariya sai hawaye suka riga ta. Ni ma na juya ina gyaran igiyar jaki, wadda ba abin da ya same ta.

Alhaji ya yi hasarar da ta fi shanun huɗa nesa ba kusa ba. Yaransa suka bi kasuwa kasuwa suna ɓamɓare takardu, wasu suka zauna a bayan kantinsa da wuƙaƙe suna kankare murafe. Da fuskar ta tafi, ba mai tambayar man. Gudun kada a sake tsayar da shi gaban alƙali, ya aika wa mijin Jaye karsana. Hannun dai bai miƙe ba, da shi ya yi kiwo a karkace har tsufansa, kuma Isaka bai taɓa ganinsa bai sunkuyar da kai ba. Tala kuwa ya ci gaba da sana'arsa, amma daga ranar, in ya gama ɗaukarka, uwar hoton yake fara miƙo maka.

Ranar da shela ta zo kasuwarmu har Tata ta fita, ita da ta shekara biyar ba ta taka kasuwa ba. Mai shela ya buga gangarsa ya tsaya daidai rumfar da aka fara manna takardar. Ya ce hukuma tana sanar da jama'a cewa Isaka Maɗori bai sayar da fuskarsa ba, bai sayar da gadonsa ba, bai san man nan ba, kuma waɗanda suka yi talla da shi ba da izininsa ba an kama su da laifi. Ya faɗa sau uku, a bakin mahauta da wajen masu hatsi da kara ta dabbobi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni na bi shi duk inda ya tsaya ina ƙara bayani, ko da yake ba wanda ya sa ni.

Isaka bai je ba, yana gona. Da ya dawo da la'asar ya tarar da Tata zaune a bakin zaure, ƙwaryar tana zaune daidai, an wanke ta, an rufe da sabon faifai. Ya gaishe ta ya shige ciki. Kwana huɗu bayan haka sai ga jaki daga ruga. Jaye ce, ta kawo ƙanwarta da ta faɗo daga bakin rijiya ta karye a ƙafa, tun karayar ba ta kwana ba. Ta sauke ta a tabarma ta ce, "Ga mu, Isaka. Wanga karo wurinka munka hwara." Ya wanke hannu, ya rufe ido, ya bi ƙashin. Na tsaya ina kallon yatsun nan, ko kaɗan ba su yi rawa ba.

Ya yi shekara ashirin da shida bayan haka yana ɗori, bai sake zama gaban mai hoto ba. Uwar hoton da kotu ta ba shi, a murhu ya sa ta tun ranar. Wanda na biya dai yana nan a akwatina, shi kaɗai ya rage a duniya. Bara wani jikansa da ya yi lakol, wato makarantar boko, ya buɗe ɗakin ɗori a Gidan Runji, ya zo yana roƙona in ba shi ya sa a allon ƙofa, don mutane su san daga gidan da ya fito. Yaron kirki ne, kuma hannunsa yana da kyau. Na fito da hoton, na bar shi ya kalli kakansa har ya ƙoshi, na nuna masa inda askar Buba ta goce. Sa'an nan na karɓa na mayar akwati. Na ce masa sau ɗaya na taɓa sa Isaka abin da bai so ba, kuma yanzu ba ya nan balle in tambaye shi.